Garin Sabulu, Sabulun Ruwa da Ƙulli: Wanne Ya Dace da Wane Wanki

"Maigida, na ga kuna ajiye garin sabulu da sabulun ruwa da kuma waɗannan ƙananan ƙulle-ƙullen da ake jefawa cikin injin wanki. Tun da duk sabulu ne, me ya sa ba za mu tsaya a kan ɗaya ba, kuma yaya zan san wanda zan ɗauka idan an kawo kaya?"

Ɗana, abin da ya raba su na farko shi ne bilic, kuma idan ka riƙe wannan, sauran bayanin zai zo maka da sauƙi. Yawancin garin sabulun da aka yi domin fararen kaya yana ɗauke da wani busasshen bilic wanda ba ya aiki sai ya haɗu da ruwa, sannan ya saki iskar oksijin wadda take cinye launin tabo. Ba shi ne bilicin kwalba mai warin nan da ke ƙona tufafi ba, na garin ya fi shi sauƙi nesa ba kusa ba. Masu yin sabulun ruwa ba sa iya zuba shi a cikin nasu, domin da zarar ya zauna cikin ruwa zai fara aiki tun yana cikin jarka, ya ƙare kafin a saya, ya kuma kashe sauran sinadaran da ke tare da shi. Saboda haka sabulun ruwa na yau da kullum ba shi da bilic, kuma yawancin ƙulli ma haka yake, tun da abin da ke cikinsa sabulun ruwa ne mai kauri.

Wannan ne dalilin da ya sa zanen gado fari da tawul da singileti suke dushewa a hankali idan aka daɗe ana wanke su da sabulun ruwa kaɗai, ko da kuwa suna fita da ƙamshi. Gari kuma yana da soda a cikinsa, wadda take taimakawa wajen ɗaga laka da ƙura da suka shige cikin zaren auduga. Sai dai bilicin nasa yana son ɗumi: a digiri 40 yake fara aiki sosai, a digiri 60 kuma ya nuna ƙarfinsa. Idan ka zuba shi a ruwan sanyi ka kuma zaɓi gajeren wanki, ka yi asarar rabin abin da ka saye shi dominsa, sannan wani ɓangare nasa ba zai narke ba, sai ka ga farin zane-zane a jikin baƙin wando bayan ya bushe.

Abin da ke amfanar farin kaya shi ne yake cutar da mai launi. Rigar da ake wankewa da gari mai bilic mako bayan mako za ta koɗe, kuma koɗewar takan fara bayyana ne a bakin ɗinki da gwiwa da gefen aljihu, inda zaren ya fi goguwa. A nan sabulun ruwa ya fi, domin ya riga ya narke, yana aiki a digiri 30 ko ƙasa da haka, kuma ya fi gari iya kama maiƙo. Yana da wata fa'ida da sauran biyun ba su da ita, wato kana iya ɗiga shi kai tsaye a kan tabo kafin wanki.

Bari mu ɗauki ƙunshin kaya irin wanda ake kawo mana kullum: zanen gado farare biyu, tawul uku, baƙaƙen wanduna huɗu, shuɗiyar riga mai dauɗa a wuya da ɗigon mai a gaba, da rigar sanyi ta ulu guda ɗaya. Zanen gado da tawul za su shiga tare da gari a digiri 60, matuƙar alamar da ke jikinsu ta yarda da wannan zafin. Idan ka ga jini a jikin zanen, ka fara jiƙa wurin da ruwan sanyi, domin zafi yana dafa jini ya kafe shi a cikin zare yadda fitarsa za ta yi wuya. Wandunan za ka juya cikinsu waje, su shiga da sabulun ruwa a digiri 30. Shuɗiyar rigar za ta bi su, amma kafin nan ka ɗiga mata sabulun ruwa kaɗan a wuya da kan ɗigon man, ka murza da yatsa, ka bar ta kamar minti 10. Bayan wanki ka duba wurin man da kyau kafin ka ɗora mata dutsen guga, domin idan akwai saura, zafin dutse zai zaunar da shi.

Rigar ulun kuwa ba ta shiga ko ɗaya daga cikin waɗannan. Yawancin sabulun wanki, gari ne ko ruwa ko ƙulli, suna da wani sinadari da ake kira inzayim, wanda aikinsa shi ne narkar da tabon jini da gumi da makamantansu. Ulu gashin dabba ne, siliki ma daga jikin halitta yake fitowa, don haka sinadarin ba ya bambance su da tabon, yana cin zaren a hankali har ya yi rauni. Sodar gari ma tana sa ulu ya yi kaushi. Ulu da siliki suna da sabulun ruwa nasu na musamman, kuma da ruwa mai sanyi ake wanke su.

Ƙulli dai sauƙi aka saya, ba ƙarin tsabta ba. An auna shi domin matsakaicin wanki, wajen kilo 4 zuwa 5, a cikin wata leda mai narkewa a ruwa. Ba a sa shi a aljihun zuba sabulu. Cikin gangar injin ake jefa shi tun tana wayam, can baya, sannan a ɗora kaya a kansa. Wanda ya ɗora shi a saman kaya, ko ya cika ganga maƙil, zai tarar da ledar ta maƙale a jikin riga kamar majina, ko ta laƙe a robar ƙofa. Idan haka ta faru, ka sake ɗauraye rigar da ruwan ɗumi kafin ta ga zafin busarwa ko guga. Aibinsa a wurina shi ne ba ya rabuwa: riga uku za su sha ƙulli ɗaya, wanda ya yi musu yawa, kuma ba ka da hanyar ragewa. Ba ya amfani a wankin hannu, ba a taɓa shi da jiƙaƙƙen hannu, kuma ka nisanta shi da ƙananan yara, domin launinsa yana jan hankalinsu, abin da ke ciki kuma yana ƙona ido da maƙogwaro.

Kuskuren da na fi gani ga masu koyo ba a zaɓi yake ba, a awo yake. Suna ɗauka yawan kumfa shi ne tsabta, sai su zuba sabulun ruwa da ido ba tare da marfin awo ba. Tawul ɗin da sabulu ya yi wa yawa yakan fito da tauri, ba ya shan ruwa, kuma yana saurin yin wari. Idan kana shakka, ka tsoma wankakken tawul a cikin bahon ruwa mai tsabta ka matse shi. Idan ruwan ya yi fari ko ya yi kumfa, ka rage awo a wanki na gaba. Injin ma yana shan wahalar wannan, domin sabulun ruwa a ruwan sanyi kullum yana barin yauƙi a bayan ganga, daga nan warin ruma ya taso ya kama kaya. Shi ya sa nake sa ka kunna injin a digiri 60 da garin sabulu, ba tare da kaya a ciki ba, sau ɗaya a wata, ka kuma bar ƙofarsa a buɗe idan mun tashi.