Ruwan farasitamol da aka rubuta kwalinsa da Faransanci: awon da na saba zan bai wa yaro?

Tambaya: Ƙanen mijina ya dawo daga tafiya da maganin zazzaɓi na yara, rubutun kwalin duk Faransanci ne. Wata maƙwabciyata ta fassara mini, ta ce farasitamol ne, kuma an rubuta 100 mg/ml a jikinsa. Ɗana kilo 12 ne, na saba ba shi mililita 7.5. In ba shi hakan? Hankalina bai kwanta ba.

Amsa: Malama, kada ki ba shi wannan awon. Ki ajiye kwalbar har sai kin kai wa masanin haɗa magunguna ya duba.

Maƙwabciyarki ta fassara sunan daidai, amma sunan magani ba shi ne ke faɗin awonsa ba, kuma wannan kuskure ne da kusan kullum nake cin karo da shi a wurin aiki. Uwa za ta ce ai farasitamol farasitamol ne, ta ɗauki sirinjin da ta saba, ta zuƙo har inda ta saba. Abin da jikin yaro ke karɓa miligiram ne, wato nauyin sinadarin kansa, mililita kuwa yawan ruwan da aka narkar da shi ne kawai, kuma kamfanoni sun bambanta wajen yawan sinadarin da suke zubawa a cikin ruwan.

Bari mu yi lissafin da nauyin ɗanki. Awon da aka saba shi ne miligiram 15 ga kowane kilo, saboda haka yaro mai kilo 12 zai sha miligiram 180, ba fiye da sau huɗu ba a cikin awa 24. Awon da kika ambata ya nuna cewa kwalbarki ta da mai miligiram 120 ce a kowace mililita 5, shi ya sa 7.5 ta yi daidai. Wannan sabuwar kuwa tana da miligiram 100 a mililita ɗaya tak, don haka rabonsa mililita 1.8 ne. Da kin ba shi 7.5, da ya sha miligiram 750 a tashi ɗaya, fiye da ninki huɗu ke nan, kuma idan aka maimaita haka kowace awa shida, hantarsa ce za ta ɗauki nauyin.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne gubar farasitamol ba ta nuna kanta da wuri. A ranar farko yaron na iya yin amai kaɗan, ko ma ya ci gaba da wasansa, zazzaɓin kuma ya sauka, sai iyaye su yaba wa maganin waje da ƙarfi. Sai bayan kwana biyu zuwa uku idanu su yi rawaya, alhali makarin gubar ya fi aiki idan an ba da shi cikin awa takwas na farko. Saboda haka duk wadda ta riga ta ba da awon da ya wuce kima, ta kai yaron asibiti nan take tare da kwalbar, kada ta jira alama. Masu sayar da magani barkatai da ke cewa "a ba shi cokali ɗaya" ba tare da sun tambayi nauyin yaro ko sun kalli lambar da ke jikin kwalba ba, su ne suka dasa wannan ɗabi'a, kuma ba na yi musu uzuri.

Akwai wasu tarkuna a rubutun Faransanci da fassarar kalma da kalma ba ta warwarewa. Suna sa waƙafi a inda wasu ke sa ɗigo, don haka 2,5 na nufin biyu da rabi, kuma idan waƙafin ya goge sai a karanta 25. Abin da suke kira cokalin kofi mililita 5 ne, cokalin miya kuwa 15. Wasu sirinjin nasu ma da kilo aka yi musu maki, kuma irin wannan ba ya aiki sai da kwalbar da ya zo tare da ita.

Idan za ki je wurin masanin magunguna, ki tafi da kwalin da takardar ciki da abin awon, kada ki tsaya kan hoton gefe ɗaya. Ki nemi ya tabbatar cewa farasitamol ne zalla ba gauraye da wani sinadari ba, ya duba ranar ƙarewar aikinsa, ya rubuta miki mililitar da ta dace da kilo 12 a jikin kwalbar, sannan ya nuna miki makin a sirinji da idonki. Ki kuma nuna masa duk wani maganin mura da yaron ke sha, domin da yawa daga cikinsu akwai farasitamol a ciki, wasu kuma da sunan asitaminofen ake rubuta shi.