Amsa ga Yaya Malam a Fagge: yadda muke fassara kalmar sakawa da 'yan'uwanta

Yaya Malam, bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya tare da iyali, na sami saƙonka inda ka tambaye ni yadda za ka fassara kalmar sakawa da ka gani a labarin Ghana da aka ba ka domin masu sauraro na Kano, kuma ka ce kana tsakanin zaɓin ɗan damfara da ɗan yahu. Amsata ita ce ko wanne ka ɗauka shi kaɗai zai bar rabin maganar a baya, kuma zan bayyana dalili da abin da na koya cikin shekarun da na yi ina aikin tafinta a nan Ankara, wato Accra babban birnin Ghana, tsakanin matasan unguwannin Nima da Mamobi da kuma manyan da ba sa gane su.

Abin da ya sa kalmar take yaudarar Bakano shi ne tamu ce. Daga bakin 'ya'yan zango ta fito, kuma asalinta saka ne na zuba abu a cikin wani abu, amma da ta shiga bakin ƙabilun Asante da Ga da masu Turancin titi sai ta zama sunan wata sana'a guda, wato yaudarar mutane ta intanet a karɓe musu kuɗi, tare da imanin cewa mai yin ta yana zuwa wurin boka ko wani malamin tsibbu domin a ɗaure masa hankalin wanda yake cuta. Idan kai ka ji an ce wane yana sakawa, kunnenka zai jira a faɗi abin da yake sakawar, ko kuma ka ɗauka ana nufin yana saka wa mutane da alheri. Akwai ma tarko na uku, domin Hausarmu ta zango ba ta cika bambanta k da ƙ ba, kamar yadda ba ta rarrabe namiji da mace a wakilin suna, saboda haka wanda ya saba da bakinmu yana iya gyara kalmar a ransa ya ji ta a matsayin saƙa ta masaƙa. Ma'ana uku ke nan masu kyau, kuma babu ko ɗaya a cikinsu da yaron Nima yake nufi.

Bari in ba ka misalin da ya koya mini hankali. An taɓa kira na in fassara wani saƙon murya na waya a zaman sulhu tsakanin gidaje biyu, ɗaya na zango, ɗaya kuma na wani ɗan kasuwa da ya zo daga Kano, wanda ake neman auren 'yarsa. A cikin saƙon wani saurayi yana gaya wa abokinsa cewa mai neman auren ya sayi sabon babur, sai ya ƙara da cewa wannan kam sakawa ne, mugu ya biya, yana dariya. Uban yarinyar ya riga ya saurari saƙon, kuma abin da ya fahimta shi ne wani azzalumi da ya ci bashin yaron ya biya shi, Allah ya saka masa. Wani tsoho na zango da ke wurin kuma ya fahimci cewa an tabbatar yaron matsafi ne, har ya fara cewa a fasa maganar.

Dukansu biyun sun kauce. Kalmar mugu a wannan jimla ba Hausa ba ce, ta zo ne daga Turancin titi na Najeriya, inda take nufin wawan da aka yaudara, abin da samarinku na Kano suke kira gara idan suka ce an wanke gara. To, uban yarinyar ya juya maganar gaba ɗaya, ya mayar da wanda aka cuta ya zama mai cuta. Shi kuwa tsohon ya san kalmar, amma ya san ta da nauyin da take da shi wajen shekarar 2009, lokacin da jaridu da masu wa'azi suka cika gari da labaran samarin da aka ce suna kwana a cikin akwatin gawa ko suna ƙin wanka bisa sharaɗin boka. Tun daga wancan lokaci kalmar ta yi sauƙi a bakin yara, har ta kai ana jifan duk wanda ya yi sabon abu da ita cikin raha, kamar yadda Bakano zai ce wa abokinsa ina ka samo kuɗi haka, ko banki ka fasa. Ban fassara nan take ba. Na nemi a sake kunna saƙon daga farko, na tambayi shekarun mai maganar da dangantakarsa da yaron, aka ce abokinsa ne tun makarantar allo, sannan na lura cewa dariyar ta zo kafin ya gama jimlar. Abin da na faɗa wa mahalarta shi ne: mai maganar ya yi amfani da kalmar da ake kiran masu damfarar intanet da ita, ya ce wanda aka yaudara ya turo kuɗi, kuma yanayin muryarsa na zolaya ne, amma kalmar ita kaɗai ba ta tabbatar da laifi ba, ba ta kuma kore shi ba. Daga nan aka kira mai saƙon aka tambaye shi, wanda shi ne abin da ya kamata a yi tun farko.

Na daɗe a kan wannan labari ne domin ka ga cewa kafin a nemi kishiyar kalma a wani harshe, sai an fara sanin aikin da take yi a bakin mai ita: wane ne ya faɗe ta, a kan wa, a wace shekara, kuma yabo ne, zargi ne, ko wasa. Sarar matasa ba ta tsufa gaba ɗaya, tana tsufa ne a bakin wasu ta kuma ci gaba da rayuwa a bakin wasu, shi ya sa mutum biyu 'yan unguwa ɗaya za su ba ka ma'ana biyu, kuma kowannensu gaskiya ya faɗa. Su kansu masu sana'ar ba sa kiran kansu da wannan suna, sun fi son a ce suna gem, wato wasa, domin sakawa ta zama sunan da na waje yake kiran su da shi. Idan ka sa wa yaro kalmar a bakinsa a fassara alhali gem ya ce, ka sa ya amsa laifin da bai amsa ba.

Yanzu ga zaɓinka guda biyu. Ɗan damfara kalma ce mai tsabta da kowa zai gane daga Kurmi har Rijiyar Zaki, amma tana da faɗi sosai, domin ta haɗa mai sayar da fili ɗaya ga mutum biyu da mai canjin jabu, kuma babu intanet ko tsafi a cikinta. Ɗan yahu ya fi kusa, tun da sunansa daga adireshin saƙon intanet ya samo asali, sai dai wanda ya haɗa da tsafi a Najeriya sunansa yahu fulos, kuma mai sauraro a Kano da ya ji wannan zai tafi da tunaninsa Legas ko Benin, ya manta cewa labarin na Ankara ne. Kada kuma ka yi amfani da fo-wan-nayin, domin wannan lamba ce ta sashe na 419 na kundin laifuffuka na Najeriya, ba dokar Ghana ba ce. Kalmomi irin su 'yan shan jini ko 'yan yankan kai kuwa sun yi nauyi ƙwarai, suna ɗora kisan kai a inda labarin bai ambace shi ba.

Abin da muke yi a nan idan harshen da ake fassarawa zuwa gare shi bai haifi kalmar ba tukuna shi ne mu bar ta yadda take sau ɗaya, mu bi ta da gajeren bayani da bai wuce numfashi ɗaya ba, sannan mu ci gaba da magana ta yau da kullum. A labarinka zan rubuta haka: 'yan sandan Ghana sun kama wasu matasa da ake zargi da abin da ake kira sakawa a can, wato damfara ta intanet da ake dangantawa da tsafi. Daga nan har ƙarshen labarin sai ka riƙa cewa matasan da ake zargi, ko damfarar. Ka lura da na ce ake dangantawa, ban ce ake haɗawa ba, domin kotu tana hukunta damfara ne, tsafin kuwa zance ne na gari. A rediyo, inda babu alamar rubutu da za ta nuna baƙuwar kalma, wannan a can ɗin ita ce take hana Bakano jin kalmar da kunnen gida.

Ina ba ka shawara kada ka ƙirƙiri sabuwar kalma. Na gwada hakan a farkon aikina, na haɗa kalmomi masu kyau a takarda, amma babu wanda ya maimaita su, domin kalmar kimiyya ce ake iya zama a ɗaki a tsara ta, ita kuwa sara a bakin majalisa da wurin mai shayi take samun rai. Haka kuma mayar da sara da sara yana aiki ne kawai a inda nauyinsu ya zo ɗaya. Kalmar cale da samarin Ankara suke kiran juna da ita tana zama daidai da baba ko mutumina a bakin samarin Kano, babu asarar komai. Amma idan kalmar tana iya ɓata suna ko kai mutum gidan yari, bayani a fili ya fi aminci, ko da daɗin maganar zai ragu.

Akwai wani abu da zai iya haɗuwa da kai nan gaba, gara ka san shi tun yanzu. A Kumasi, wajen shekarar 2020, waƙoƙin matasa da ake kira asaka sun yi tashe, kuma sunan ya fito ne daga saka, wadda ba ta da alaƙa da tamu ko kaɗan, domin kalmar Asante ce kasa, wato magana, aka juya gaɓoɓinta, irin zaurancen da muka yi muna yara. Idan ka gan ta a labari kada ka haɗa ta da sakawa, kuma fassararta ita ce ka ce zaurancen samarin Kumasi, tun da wannan kam Hausa tana da sunansa.

Kafin ka karanta labarin a iska, ka gwada shi kamar yadda nake gwada nawa. Ka karanta wa wani saurayi ɗan shekara ashirin da wani dattijo jimlar da ka fassara, kowanne shi kaɗai, ba tare da ka nuna musu asalin ba, ka ce su faɗa maka abin da matasan suka aikata. Idan saurayin ya yi dariya, ka yi amfani da sarar da ta wuce yayi. Idan dattijon ya fara salati yana tambayar mutum nawa aka yanka, ka ƙara nauyin da babu shi. Idan kuma ɗayansu ya tambaye ka me suke sakawa, to bayanin ya yi nisa da kalmar, sai ka matso da shi ya biyo ta kai tsaye a cikin jimla ɗaya.