Ruwa ya hau, takarda ta faɗi

"Oga don Allah, me ya sa duk lokacin da kuɗin ruwa ya tashi sai farashin takardun bashin gwamnati ya faɗi? Ni na ɗauka daraja za su ƙara."

Kai yaro, ku 'yan zamanin nan kuna ta latsa waya amma lissafin firamare ya gagare ku. Abin da takarda ke biya an rubuta shi tun ranar da DMO, hukumar kula da basussukan gwamnati, ta fitar da ita, ba ya motsi. Takardar naira 1,000 mai ruwa kashi 12, naira 120 za ta ba ka a shekara ko me ya faru a kasuwa. To in sabuwa ta fito da kashi 18, wa zai sayi taka a 1,000 alhali ga mai ba shi 180? Dole ka karya farashi har ribar mai saye ta kamo 18 ɗin. In saura shekara 10 a biya uwar kuɗi wajen 730 za a taya, in saura shekara 1 ce wajen 950, don shekara guda kawai zai haƙura da ƙaramin ruwa. In ruwan ya sauka zuwa 8 kuwa, mai shekara 10 ɗin nan ta kai wajen 1,270. Sukuk, takardar da ake fitarwa bisa tsarin Musulunci, ma haka yake.

Tsawon wa'adin nan shi ya ƙona ni, har yau in na tuna raina ɓaci yake. Farkon 2024 wani Alhaji mai shaguna a Kantin Kwarin nan namu na cikin gari, mutumin da muke sallar Juma'a tare a masallacin Sultan Bello, ya kira ni ya ce in saya masa ta miliyan 20 mai dogon wa'adi, kuɗinsa na cikin kaya, da ya sayar zai turo. Mutum mai furfura, ya haɗa ni da Allah, na sa kuɗin kamfani na saya. A watan Fabrairu CBN ya ɗaga ruwa daga 18.75 zuwa 22.75 a zama ɗaya, a Maris ya kai shi 24.75, takarda ta zube. Na kira ba ya ɗauka, na bi shi har gida a Unguwar Rimi aka ce ya yi tafiya alhali ga motarsa a tsakar gida. Da muka haɗu wallahi ya dubi idona ya ce shi shawara kawai ya nema, bai ce a saya ba! Da ruwan sauka ya yi da tuni ya zo karɓar ribarsa.

Wanda zai iya riƙewa har wa'adi ya cika, 1,000 ɗinsa za a ba shi cif. Ni kuɗin ba nawa ba ne, kamfani ya matsa, na sayar a karye, sama da miliyan 2 ta tafi kuma daga aljihuna na cika.

Don haka in kwastoma ya zo fara tambayarsa yaushe zai buƙaci kuɗinsa. Mai aurar da 'ya baɗi kar ka sayar masa da ta shekara 10, ba shi ta kwana 364. Kuma ko babanka ne, sai kuɗi sun shigo asusu sannan ka saya.