Hoton mai tuyan kosai da takardar amincewa

"Na tura hotunan kasuwarmu guda 15 a Adobe Stock, shafin da ake sayar da hotuna, sun ki karbar 9, wai meye matsalar?"

Dan uwa ina kyautata zaton fuskokin mutane ne, nima haka ta faru dani akan hoton wata mai tuyan kosai, hoton yayi kyau sosai harda hayakin mai yana tashi amma suka maido min dashi. Indai za'a iya gane mutum a hoto to dole sai yasa hannu a takardar amincewa, wato Model Release, in yaro ne sai iyayensa, saboda mai saye zai iya sa hoton a talla. Tambarin kamfani a jikin buhu ko riga shima yana jawo wannan matsalar, goge shi kafin ka tura.

Dana koma sai na dauki hannunta kawai da matsamin tana kwashe kosan, babu fuska, ya wuce kuma har yau ana saye. Lasisin amfani suke saya, hoton naka ne, mutum dari zasu iya sayen guda daya, Adobe na baka kashi 33 cikin dari na kudin a hoto, 35 a bidiyo. Duba dalilin da suka rubuta akan kowanne, in na fuska ne koma kasuwar ka karbo sa hannu.