Gidan gado za mu sayar, ya halatta mu yanke kuɗinsa da farashin gidajen maƙwabta?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam, Allah ya ƙara lafiya. Mahaifinmu ya rasu ya bar gida ɗaya mai ɗaki uku, mu shida ne magada kuma biyu daga ciki ƙananan yara ne, ni ne babba ni ne kuma ya bar wa wasiyyar kula da su. To gidan ba zai rabu ba, sai muka ce a yi masa kuɗi ni na saya na biya kowa rabonsa. Dillali ya kawo mana gidaje biyar da aka sayar kusa da mu, akwai na miliyan 47, na 42, na 39, na 36 da na 31, ya ce da su ake gane kuɗin namu. Wani ƙanina ya ce wannan kintace ne kawai babu shi a shari'a, ni kuma gaskiya na 31 ɗin ne daidai ƙarfina. Malam ya halatta mu bi wannan hanya, kuma zan iya ɗaukar na 31 tunda shi ma ciniki ne da aka yi?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah ya jiƙan mahaifinku, ya albarkaci abin da ya bari.

Hanyar ta halatta, kai a irin halin da kuke ciki ma ita ce abin da ya wajaba. Ɗaukar na 31 kuma bai halatta gare ka ba, zan yi maka bayanin dalili.

Ka gaya wa ƙaninka malaman fiƙihu sun daɗe da sanin wannan, suna ce masa samanul misli, wato kuɗin da ake sayen irin abu a wurinsa kuma a lokacinsa. A hadisin Ibn Umar da Bukhari da Muslim suka ruwaito game da bawan da mutane suka yi tarayya a kansa ɗaya ya 'yanta rabonsa, Annabi (SAW) ya yi umarni a yi masa ƙima ta adalci a ba abokan tarayya rabonsu, to ta ina ake sanin ƙimar adalci in ba ta duba nawa ake sayen irinsa ba? A suratul Ma'ida aya ta 95 ma, kan wanda ya kashe abin farauta yana cikin harami, Allah ya ce adilai biyu ne za su yi hukuncin kwatankwacinsa. Ka ga kwatanta abu da irinsa ta hannun masu sani masu gaskiya yana da asali mai ƙarfi.

Da a ce gidanka ne kai kaɗai da babu wanda zai tilasta ka bin wannan farashi, ka sa kuɗin da ka ga dama mai saye ya yarda ko ya wuce, sharaɗin dai shi ne yardar juna kamar yadda ya zo a suratun Nisa'i aya ta 29, da kuma rashin ƙarya da ɓoye aibi. Amma nan akwai marayu, su kuwa yardarsu ba ta aiki a shari'a tukuna, kuma Allah ya ce kar a kusanci dukiyar maraya sai ta hanyar da ta fi kyau. Saboda haka rabonsu ba ya fita da ƙasa da kuɗinsa na gaskiya.

Yanzu mu zo kan gidajen nan biyar, don a nan mutane ke zamewa. Ba duk cinikin da aka yi ne yake zama ma'auni ba. Abin da ake nema gidan da aka riga aka sayar aka biya, kusa da naku, kwanan nan (wata uku zuwa shida ya fi, in an rasa a ɗan ja baya), mai saye da mai sayarwa ba wanda aka matsa wa kuma ba alfarma a tsakani. Kuɗin da mai gida ya sa wa gidansa yana jiran mai saye ba ya shiga lissafi sam, wannan fata ne, ba a taya ba balle a sallama.

Shi ya sa nake zargin na 47 da na 31 tun kafin na gan su, sun yi nisa da sauran ukun, kuma duk cinikin da ya ware haka akwai labari a bayansa. Ku bincika. Sau da yawa za ka tarar mai tsadar nan bashi aka sayar da shi za a biya kaɗan kaɗan cikin shekara biyu, an san kuwa kuɗin ajali ya fi na hannu, ko kuma an haɗa da kayan cikin gida. Mai arahar kuma ko uba ne ya sayar wa ɗansa, ko bashi ya taso mutum a gaba ya karyar da shi cikin sati ɗaya. Ciniki ne ingantacce a tsakaninsu, amma ba ya nuna kasuwa. In aka tabbatar haka ne a ajiye su gefe duka biyun.

Saura uku. Ban ga gidajen ba, don haka zan ƙaddara musu siffofi ne don ka ga yadda ake aikin, ku sai ku sa na gaskiya. Ƙa'idar ita ce farashin gidan da aka sayar ake gyarawa har ya yi kama da naku: in ya fi naku da wani abu a rage, in naku ya fi shi a ƙara. Mutane suna yawan juya wannan baibai, ka kula.

A ce na 42 da na 39 layi ɗaya suke da ku, girman fili ɗaya, duka an sayar wata biyu da suka wuce, bambancinsu kawai na 42 ɗaki huɗu ne na 39 ɗaki uku. To kasuwa da kanta ta faɗa maka ƙarin ɗaki a wajen nan miliyan 3 ne. Ba za ka je ka tambayi magini nawa ake kashewa a gina ɗaki ba, don abin da aka kashe daban abin da mai saye zai biya daban, mutum zai iya zuba miliyan 5 a ado mai saye bai ƙara masa ko ɗaya ba. Sai ka cire 3 daga 42 ya dawo 39.

Na 36 kuma a ce ɗaki uku ne kamar naku amma wata takwas ke nan da sayar da shi, kuma ba shi da wurin ajiye mota naku yana da shi. Ana fara gyara lokaci. In masu sani suka tabbatar, da hujjar cinikin da aka yi a tsakani, cewa farashi ya tashi da kashi 5 cikin 100, to 36 ya zama 37.8. Sannan a ƙara darajar wurin motar, a ce miliyan 1, ya zama 38.8.

Akwai wani abu a nan da dillalai da yawa ba sa faɗa. Na 42 da na 39 dole su haɗu a 39 tunda daga su aka ciro ukun, don haka kar a ce shaidu biyu ne suka yi ittifaƙi, kusan shaida ɗaya ce. Na ukun nan da ya zo ta wata hanya daban ya sauka a 38.8 shi ne ya ƙarfafa su. Da ya sauka a 33 ko 44 da sai mu ce akwai abin da ba a gani ba, a koma a sake dubawa ko a nemo wani gidan. Haka kuma duk gidan da sai an yi masa gyare-gyare masu yawa kafin ya yi kama da naku to dama bai yi kama da shi ba, wanda aka fi jingina da shi shi ne wanda aka taɓa kaɗan, a nan na 39.

Sai aibin gidanku. A ce rufin ɗaki ɗaya yana yoyo har silin ya yi baƙi ya kumbura, bango ya fara tsagewa ta kusurwa, sauran gidajen kuma lafiyarsu ƙalau. A irin wannan kam ana kiran mai gyara ya yi kiyasi a rubuce tunda duk mai saye sai ya cire kuɗin gyaran, a ce miliyan 1.5. Sai lissafi ya tsaya tsakanin 37.3 da 37.5. Wannan ragin haƙƙinka ne kai mai saye, ba wanda zai ce ka zalunci yara da shi, malamai ma haka suke yi a arshin aibi, su yi wa abu ƙima yana lafiya su sake yi masa da aibinsa su duba tsakani.

To ka duba, tsakanin 37.5 da 31 akwai miliyan 6.5, kuma wani ɓangare na kuɗin nan daga aljihun yara biyu zai fito ya shiga naka. Na san wani zai iya ce maka ai malamai sun ce kamuwa a ciniki, wato a sayar da abu ƙasa ko sama da kuɗinsa na gaskiya, ba ta zama mai muni sai ta kai sulusi a wajen wasu Malikawa, ko kashi ɗaya cikin biyar a gidaje da filaye a wajen Hanafawa na baya, naka kuwa wajen kashi 17 cikin 100 ne. Kar ka karɓi wannan. Waɗancan iyakoki ana maganarsu ne kan yaushe ake warware cinikin da ya riga ya faru, ba izini ba ne ga wasiyyi ya san kuɗin gaskiya sannan ya zaɓi na ƙasa don kansa. Kuma tsamo ciniki ɗaya da ya yi maka daɗi ka nuna wa 'yan uwa a matsayin farashin unguwa algus ne, Annabi (SAW) ya ce wanda ya yi algus ba ya tare da shi, Muslim ya ruwaito. Hukuncin ɗaya ne da wanda zai ɗauko na 47 ya ruɗi baƙo da shi.

Abin da nake ba ka shawara, ɗan'uwa, ka cire hannunka daga yanke kuɗin gaba ɗaya. Malikawa sun karhanta wasiyyi ya sayi wani abu daga dukiyar da yake kula da ita, in ya saya kuma alƙali yana bibiya ya duba ko akwai maslahar maraya. Ku samo mutum biyu masu sanin harkar gidaje kuma adilai, waɗanda ba su da kamasho a cinikin (dillalin da ladansa ke hawa da sauka da farashi a karɓi bayaninsa amma kar a bar masa hukunci), kowa ya yi nasa lissafin a rubuce da gidajen da ya dogara da su, sannan a kai gaban alƙali ya tabbatar da rabon yaran. In an ɗauki watanni ba a biya ba a sake ƙimar, don kuɗin ranar ciniki ake bi ba na ranar rasuwa ba.

In ƙarfinka bai kai ba akwai mafita. Manyan magada baligai masu hankali suna da ikon su yi maka rangwame a nasu rabon bayan sun san ainihin kuɗin, da daɗin rai ba don kunyar yaya ba, wannan kyauta ce halal. Rabon yaran biyu kuwa a lissafa shi a kan cikakken kuɗi, ko kuma ka sayi na manya kawai yaran su zauna da kasonsu a gidan har su girma su yanke da kansu.

Wallahu a'alam.