Takardar neman izinin ɗaukar fim a cikin kanti ranar Lahadi

Tambaya: Salamu alaikum. Mu ƴan ƙungiyar wasan kwaikwayo ne a unguwar Zariya, nan Maradi. Muna da fitowa ɗaya ta kamar minti uku da muke son ɗauka a kantin kayan masarufi na wani Alhaji a Sabon Gari, Asabar ko Lahadi. Yaron kantin ya ce sai mun rubuto takarda. Me za mu rubuta a ciki?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanena. Kada takardar ta riga ƙafarka zuwa. Ka sami wanda Alhaji ya sani, ko dattijon unguwa ko abokin cinikinsa, ya raka ka ku gaisa, ka faɗi buƙatarka da baki, sannan ka miƙa takardar da hannu biyu. Ɗan kasuwa ba ya ba da kantinsa saboda daɗin rubutu, yana bayarwa ne don ya san wanda zai kama in abu ya lalace. Aikin takardar shi ne ta riƙe abin da kuka yi magana a kai, don kada ranar aiki a ce ba haka aka yi ba. Ka kuma tabbatar mai kantin ne da kansa zai sa hannu. Yardar yaron kanti ba ta wuce lokacin da maigidansa ya leƙo ya ga waya shimfiɗe a ƙasa.

Babban abin da ke ɓata irin wannan shiri lokaci ne. Asabar da Lahadi hutun ma'aikata ne da ƴan makaranta, mai kanti kuwa a ranakun yake ganin masu albashi sun fito sayayya. Don haka "ƙarshen mako" ba lokaci ba ne a wurinsa, sai ka rubuta rana da awa. Kuma kada ka auna da tsawon fitowar. Minti uku da mutum biyu ke magana ana ɗaukarsa aƙalla ta fuska uku: daga nesa, sai kusa da wannan, sai kusa da wancan, kowace fuska ana maimaita ta sau huɗu ko biyar. Ka ba ɗaura fitilu da gwada murya minti 45, ɗauka awa biyu da rabi, kwashe kaya da shara rabin awa. Kusan awa huɗu ke nan. Wanda ya rubuta "awa ɗaya kacal" don a yi saurin amincewa, shi ake kora ana tsakiyar aiki. Safiyar Lahadi daga ƙarfe 6:30 zuwa 10:30 ta fi sauƙin samu, kun gama kafin rana ta take, kuma ba ku kusanci azahar ba.

Ga yadda takardar za ta kasance, shafi ɗaya ya isa:

Maradi, (rana da wata)
Zuwa ga Alhaji (suna), mai kantin (suna), Sabon Gari.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, da fatan kasuwa tana albarka. Ni (suna), ɗan (sunan mahaifi), daga unguwar Zariya, a madadin ƙungiyarmu, ina neman alfarmar ku ba mu izinin ɗaukar fitowa ɗaya ta wasan kwaikwayo a cikin kantinku ranar Lahadi (kwanan wata), daga ƙarfe 6:30 zuwa 10:30 na safe.

Fitowar ta nuna wani magidanci da ya zo neman bashin shinkafa, mai kanti ya ba shi. Babu faɗa, babu rawa ko waƙa, babu abin da zai zubar da mutuncin kanti. Mu shida ne, maza biyar da mace ɗaya. Za mu zo da kamara ɗaya, fitilu uku masu batir da na'urar ɗaukar murya. Za mu tsaya a gaban teburin ciniki da kanta biyu na bayansa. Ba za mu taɓa akwatin kuɗi ba, ba za mu shiga sito ba. Muna roƙon a kashe firiza da fanka lokacin da ake ɗaukar magana kawai. Duk abin da ya fashe ko ya ɓace ta dalilinmu, ni zan biya a kan farashin kanti a ranar. Za mu ba da jika goma kafin mu fara. Fim ɗin za a sa shi a intanet, kuma sunan kanti ba zai fito ba sai in kun so.

Allah ya ƙara buɗi. (Suna, lambar waya, sa hannu)
Na amince: (sa hannun mai kanti da kwanan wata)

Ka lura an faɗi labarin fitowar cikin jimla ɗaya. Wannan ba ado ba ne. Idan a wasan mai kantin yana tauye mudu ko yana sayar da kayan da lokacinsu ya wuce, mutanen unguwa za su gane kantin daga kanta da launin bango, su jingina wa Alhaji abin. In haka labarinku yake, ku faɗa masa ƙarara tun yanzu, ko ku nemi ɗaki ku jera kwalaye.

Jika goman ma ba da ka aka yanke ta ba. Abin da yake asara riba ce, ba ciniki ba. A misali, in yakan sayar da kayan jika sittin a waɗannan awoyi, ribarsa ɗaya cikin goma, jika shida ya rasa. Ka ɗora na wuta da na takurawa. Wani Alhajin zai ce a bar shi, ya yafe. To ku gode, ku sayi ruwa da abin karin kumallonku a wurinsa, yaron da ya buɗe muku ƙofa da sassafe kuma a ba shi nasa daban a hannu.

Maganar firiza ita ce masu farawa ke mantawa. Kunne ya saba da gurnaninta, na'urar murya kuwa tana kwashe shi duka, sai an zo tacewa a ji kamar a gidan niƙa aka yi hirar. Kashe ta na ƴan awoyi ba ya ɓata kaya muddin ba a buɗe ta ba. Haɗarin shi ne a tafi ba a kunna ba, yogot da ƙanƙara su narke da zafin Maradi. Dabarar masu aikin ita ce wanda ya zare wayar ya ɗaura makullin babur ɗinsa a jikinta, ba ya tafiya sai ya mayar. In kuma fitilunku na jonawa ne, ka duba mitar kantin. Mai amfiya 5 a kan wutar 220 tana ɗaukar kamar wat 1,100 ne, tsohuwar fitila mai wat 1,000 ita da firiza sun isa su yanke wutar.

Kafin a motsa ko gwangwanin madara ɗaya, ka ɗauki hoton kantocin da waya, Alhaji ko yaronsa na tsaye. Da hoton za ku mayar da kaya wurinsu, da shi kuma za a raba gardama in an ce kwalin sukari ya ragu.

Takardar ku yi ta biyu, kowa ya riƙe ɗaya, cikin harshen da Alhaji yake karantawa da kansa. In ba ya karatun boko, a karanta masa a gaban wanda ya raka ka, shi ma ya sa hannu a matsayin shaida. Ku kai ta da saura mako guda. Izinin Alhaji kuma iyakarsa bakin ƙofa: mai saye da ya shigo sai an tambaye shi kafin fuskarsa ta fito, in kuwa za ku kafa kamara a kan titi, ku fara zuwa ma'aikatar magajin gari.