Watan da kuɗi za su ƙare, ba a ƙarshen takarda yake ba

"Jama'a, na fara harkata wata uku ke nan. Akanta ya tsara mini jadawalin hasashen shiga da fitar kuɗi na wata shida, amma ni dai lambobi kawai nake gani. Ina zan duba in san ranar da aljihun kamfani zai bushe?"

Ɗan'uwa, layi huɗu kawai za ka nema a takardar nan: kuɗin da aka buɗe wata da su, waɗanda suka shigo, waɗanda suka fita, sai waɗanda aka rufe wata da su. Na ƙarshen nan shi ne naka. Ɗora yatsa a kansa ka bi shi wata bayan wata, ka tsaya a wuri na farko da lambar ta koma ƙasa da sifiri. Sau da yawa za ka gan ta da ja, ko a cikin baka biyu, ko da alamar ɗebewa a gabanta. Kada idonka ya yi tsalle zuwa watan ƙarshe. Kuskuren da na yi ke nan a shekarata ta farko, kuma bari in nuna maka da lissafina na lokacin, na daidaita lambobin don su yi sauƙin bi.

Na buɗe da 900,000 a banki. Kashe-kashena na kowane wata, albashi da wuta da sufuri da sauransu, 350,000 ne. Ciniki ya fara da 200,000, yana ƙaruwa da 50,000 duk wata. Sai na yi lissafin da kowa ke yi da ka: giɓina 150,000 ne a wata, in raba 900,000 da shi ina da wata shida, kuma tun a wata na huɗu ciniki zai kamo kashe-kashe. Na kwanta na yi barci mai daɗi.

Abin da ban saka a rai ba shi ne, rabin cinikin nan ne kawai ake biya a take, sauran rabin sai bayan wata biyu. Jadawalin kuɗi kuwa bai san ciniki ba, abin da ya faɗo asusu kawai ya sani. Wata na ɗaya 100,000 suka shigo, na rufe da 650,000. Na biyu 125,000, na rufe da 425,000. A na uku bashin watan farko ya fara dawowa, aka samu 250,000, na rufe da 325,000. A na huɗu 300,000 suka shigo, amma a watan ne hayar ofis ta shekara, 300,000, ta faɗo a kan kashe-kashen da aka saba. Layin rufewa ya nuna ƙasa da sifiri da 25,000. Na biyar haka ya tsaya, a na shida ya farfaɗo ya koma sama da sifiri da 25,000.

Ka ga wanda ya kalli watan ƙarshe kawai zai ce lafiya lau. Amma kamfani ba ya tsallake wata na huɗu ya faɗa na shida. Ma'aikacin da ba a biya ba, ba zai karɓi labarin cewa wata biyu masu zuwa za a wadata ba. Kuma ka lura, a watan da kuɗina suka ƙare ne ciniki ya kai daidai da kashe-kashen wata. Ta fuskar ciniki ina murna, asusu kuwa wayam. Riba daban, kuɗi a hannu daban.

Akwai abin da jadawalin wata-wata yake ɓoyewa, shi ne ya fi ba ni wahala. Yana nuna maka ranar ƙarshen wata ne kawai, bai faɗa maka abin da ke faruwa a tsakiya. Ni hayata ranar 1 ga wata ake biya. Na shiga wata na huɗu da 325,000, kafin azahar saura 25,000, waɗanda nake bi bashi kuwa sai wajen ƙarshen wata suke motsi. Ina tuna yadda na zauna ina ta sabunta shafin banki a waya, takardar kuɗin wuta na gabana, ina jiran alat ɗin da bai zo ba. Don haka da zarar ka gano watan da layin ya yi ƙasa, ka ce wa akantanka ya farfasa maka shi mako-mako. Masu wannan aiki sukan yi na mako 13, wato wata uku, kowane biya a makon da zai fita.

Kuma kada ka ɗauki sifiri a matsayin iyaka. A ganina iyakar gaskiya ita ce albashin wata ɗaya. Ranar da abin da ke asusu ya kasa haka, ka riga ka shiga hannun sa'a.

Sai ka gwada takardar, don hasashe ne, kuma mai sabuwar harka kullum zuciyarsa na gaya masa za a biya shi a kan lokaci. Ka jinkirta kowane bashi da wata ɗaya ka ga abin da zai faru. A nawa, in waɗanda nake bi bashi suka kai wata uku maimakon biyu, wata na uku zai rufe da 225,000, wato hayar ma ba za ta biyu ba ranar da ta faɗo. Na huɗu ya koma ƙasa da sifiri da 150,000, na biyar ƙasa da sifiri da 175,000, na shida har yanzu ƙasa da sifiri da 150,000. Jinkirin kwana 30 kawai ya ninka ramin sau bakwai. Wuri mafi zurfin nan, 175,000, daga shi za ka fara lissafin abin da kake buƙata in za ka nemi rance ko ƙarin jari, sannan ka ɗora albashin wata ɗaya a kai. In a Excel aka yi maka jadawalin, kuma layin rufewa yana jere na 5 daga B zuwa G, wannan zai fito maka da shi:

```
=MIN(B5:G5)
```

Kafin ka yarda da amsar, ka leƙa ɓangaren fita ka ga ko an manta da abubuwan da ba sa zuwa kowane wata: haraji, inshora, sayen na'ura, biyan uwar kuɗin rance ba ruwansa kaɗai ba, da abin da kai kanka kake ɗauka ka kai gida. Wannan na ƙarshe kusan kowa kan bar shi a waje. A ɓangaren shiga kuma, duk kuɗin da alkawari ne kawai, rancen da ba a sa wa hannu ba ko mai jarin da ya ce zai duba, ka cire shi ka sake karanta layin.

Ni abin da ya fitar da ni shi ne na nemi a raba mini haya gida biyu, na kuma fara karɓar kashi 70 cikin 100 kafin in fara aiki. Da na karanta layin nan tun a wata na ɗaya, da na yi wannan roƙo cikin natsuwa da mutuncina, ba da rawar murya ba. Kai yanzu kana da wannan damar. A ƙarshen kowane wata ka goge hasashen watan ka sa abin da takardar banki ta nuna, ka ƙara sabon wata a gaba, ka duba ko ranar ta matso ko ta ja baya. In ka ga dama ka turo layin rufewar naka kawai, ba sai da sunan kowa ba, mu duba tare. Allah ya sa wa harkar albarka.